Ragin Kwana Huɗu a Shagon Kayan Waya

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Waya ta Farm Centre a Kano ya san irin kwalin da nake nufi. An rubuta shi da jar maka, an liƙa a jikin gilashin shago: GARAƁASA! KAYA SUN KARYE! Rana ta cinye jan har ya koma ruwan ƙasa, salatif ya saki ta gefe guda, kwalin yana reto, amma garaɓasar ba ta ƙare ba. Ka dawo bayan wata uku, yana nan. Mai wucewa kan karanta shi ta hanyoyi biyu, kuma babu mai daɗi a ciki: ko mai shagon yana cikin matsi, ko kayansa ba na ƙwarai ba ne.

Fassara ta biyu ita ce ta fi ciwo a wannan sana'a. Idan mai atamfa ya yi ragi, mace za ta murza yadin, ta ɗaga shi a haske, ta yanke hukunci da idonta. Caja ba haka take ba. Ta gaske da ta jabu kwalinsu ɗaya, launinsu ɗaya, har tambarin ma ɗaya. Fawa bank da aka rubuta wa 20,000mAh a jiki, sai ka kai shi gida ka ga sau nawa ya cika maka waya kafin ka san gaskiyarsa. To tunda ido ba ya iya rarrabewa, mai saye yakan jingina da farashi. Ka ce masa dubu goma sha takwas, ya yi tsaki ya taya. Ka ce masa dubu tara, ya juya kwalin sau biyu ya tambaye ka, "Malam, orijina ne kuwa?" An ce araha ba ta ado, amma a layin masu caja har zargi take jawowa.

Wannan ba ya nufin mai kayan waya ya haƙura da ragi. Kaɗan ne daga cikin 'yan kasuwa suke buƙatarsa kamar shi, domin kayansa suna mutuwa a kan kanta. Rigar waya an yanka ta ne daidai da ramin kyamarar waya guda. Tecno da Infinix da Itel suna fito da sabbin samfura duk shekara, kuma da zarar mutane sun koma kan sabuwa, rigar tsohuwa ta zama roba kawai. Lokacin da Apple ya fito da iPhone 15 a 2023 da bakin caji irin na USB-C, duk mai tarin wayoyin caji na Lightning ya san kasuwarsu ta kama hanyar raguwa, ko da a hankali ne. Batirin fawa bank shi ma yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi irin na watan Afrilu a Kano yana gaggauta masa. Kayan da suka yi kwantai jari ne da aka ɗaure. Ragi na ɗan lokaci hanya ce ta kwance shi, kuma babu abin kunya a ciki.

Kafin a taɓa maka ko waya, a ɗauko littafin lissafi. Mafi yawan sanarwar da take warin matsi, tun a lissafi aka ɓata ta.

Mu ɗauki wani shago a misali, da farashin da na ƙaddara don sauƙin lissafi, tunda na kasuwa ba ya zama wuri ɗaya. Mai shagon yana sarin wayar caji a naira 1,400 ya sayar 2,500, ribarsa 1,100. Yana sarin fawa bank a 14,000 ya sayar 18,000, ribarsa 4,000. Yana kuma da rigunan waya guda 60 na samfuran da suka kwana biyu, ya saro kowace a 800, yana sayarwa 2,000, amma yanzu sai a yi mako ba a tambaye su ba.

Yaron shagonsa, wanda ya fi shi sanin waya, ya kawo shawara. "Maigida, mu buga ragin kashi 20 cikin ɗari a kan komai, kowa ya ruɗe."

A kan wayar caji, kashi 20 naira 500 ne. Riba ta sauko daga 1,100 zuwa 600, sai ya sayar da kusan ninki biyu kafin ya mayar da abin da ya saba samu. Da wuya, amma ana iya yi. A kan fawa bank kuwa, kashi 20 naira 3,600 ne, daga ribar 4,000. Saura 400. Idan ya saba sayar da goma a mako, yanzu sai ya sayar da ɗari kafin ya tsaya inda yake a da. Ga shi kuma fawa bank ɗin ne mutane za su yi wa rubdugu, domin a nan ragin ya fi kauri. Shago zai cika, yara za su yi gumi, aljihu ya tashi fayau. Dalilin yana da sauƙi: ana cire ragi ne daga farashin sayarwa, amma ribar ce kaɗai take biyansa. Kayan da ribarsu siririya ce ba sa ɗaukar ragi mai kauri.

Ban da asarar kuɗi, "komai da komai" yana da wata illa. Shagon da ya karya farashin duk abin da ke cikinsa lokaci guda kama yake da wanda zai tashi. Wanda ya zaɓi kaya biyu ko uku ya ce ga su, ga dalili, kama yake da wanda ya san abin da yake yi.

Don haka mai shagonmu ya raba kayan. Rigunan nan 60 su ne matsalarsa ta gaske, su ya sauke kai tsaye, daga 2,000 zuwa 1,300. Har yanzu akwai 500 a kan kowace, kuma in sun tafi duka ya dawo da jarinsa na 48,000 da ribar 30,000 a sama. Fawa bank bai taɓa farashinsa ba. Abin da ya yi shi ne tsohuwar al'adar kasuwanninmu, gyara: wanda ya sayi fawa bank a 18,000, a ɗora masa wayar caji kyauta.

Ga hikimar. Da ya rage 1,500 a kan fawa bank, ribarsa ta koma 2,500, mai saye kuma ya tafi da sabon farashi a ransa, 16,500, wanda zai riƙa tuna masa da shi har shekara. Da gyara kuwa, abin da ya fita daga aljihunsa 1,400 ne, kuɗin sarin wayar, ribarsa 2,600. Amma mai saye kyautar 2,500 ya gani, domin haka ya san ana sayar da ita. Mai shago ya kashe ƙasa da haka, mai saye ya ji ya samu fiye, farashin fawa bank kuma yana nan a 18,000 ba wanda ya ji ya girgiza. Mai tumatir da take ɗora maka biyu a kan kashi ta daɗe da sanin wannan. Ba ta taɓa ce maka kashin ya sauka ba.

Gyara yana da iyakarsa. Ba ya tayar da kayan da ba a nema. Wanda ba shi da wayar da rigar za ta shiga, ko kyauta ka ba shi ba zai ɗauka ba. Kuma kada a yi gyara da tarkace. Idan wayar cajin da aka bayar kyauta ta mutu a kwana uku, ba za a ce ai kyauta ce ba, za a ce kayan shagon wane ba su da kyau.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da kasuwa irin tamu, inda ake tayawa. Ragi daga wane farashi? Idan rigar da aka ce 2,000 ce kowa ya san da ɗan ja-in-ja ana sallama ta a 1,500, to ragin zuwa 1,300 na naira 200 ne, ba 700 ba, kuma tsofaffin abokan ciniki sun san haka. Mafi muni shi ne wanda zai ɗaga farashi a baki zuwa 3,000 ya ce ya rage rabi. Mai saye a Farm Centre taku biyar zai yi ya ji farashin maƙwabci. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye a kan farashi, amma tun kafin maganar ta kai ga hukuma kasuwa ta riga ta yi hukuncinta. Tsohon farashin da za a rubuta ya zama wanda aka sayar da kayan a kansa da gaske a makon jiya. Kuma a kwanakin ragi, farashin ragin shi ne na ƙarshe. Wanda ya taya ƙasa da shi a ce masa albarka, cikin fara'a.

Yanzu sai rubutun. Ga wanda yaron shago ya fara kawowa:

"GARAƁASA!!! GARAƁASA!!! Wallahi mun karya farashi, faɗuwa muke yi!!! Ku taimaka ku zo ku kwashe, komai ya tafi!!! Kada a ba ku labari!!!"

Kowace kalma a nan tana magana a kan halin mai shago, babu wadda ta yi magana a kan kaya. Ba a faɗi me ake sayarwa ba, ko nawa, ko zuwa yaushe. "Faɗuwa muke yi" ko ƙarya ce ko gaskiya. In ƙarya ce an zubar da amana, in gaskiya ce an tona asiri. "Ku taimaka" bara ce. Rantsuwa kuwa, ban da gargaɗin da malamai suka sha yi a kan cusa ta cikin ciniki, ba ta ƙara wa caja ko kobo na daraja. Wanda ya ji an rantse masa tun bai tambaya ba sai ya fara tunanin me ake ɓoyewa.

Ga wanda aka fitar daga baya:

"Sabbin rigunan waya suna hanya, muna buɗe musu wuri. Daga Alhamis 5 ga wata zuwa Lahadi 8 ga wata, ƙarfe 6 na yamma, rigunan samfuran bara sun koma ₦1,300 daga ₦2,000. Guda 60 ne. Wanda kuma ya sayi fawa bank 20,000mAh a ₦18,000, akwai wayar caji kyauta. Garanti yana nan yadda muka saba. Turo sunan wayarka mu duba maka kafin ka taso."

Ba shi da alamar motsin rai ko ɗaya, kuma ya fi na farko jan mutum. Jimlar farko ce take ɗauke da mafi yawan nauyin. Duk wanda ya ga an sauke farashi sai ya tambayi kansa me ya sa, kuma in ba ka ba shi amsa ba zai ƙirƙiro tasa, wadda ba za ta yi maka daɗi ba. "Sabbin kaya suna hanya" amsa ce da take nuna shago yana gaba ne, ba baya ba. Cikar shago shekara biyar dalili ne. Komawa sabon shago dalili ne. Sallah ma dalili ce, sai dai ni ina da ja a kanta: a makon Sallah mutane da kuɗinsu suke shigowa, sun yi sabuwar waya suna neman riga da gilashi, za su saya ko ba ragi. Rage musu farashi a ranar kyauta ce ga wanda ya riga ya zaro kuɗi. Makonnin bayan Sallah, lokacin da kasuwa ta yi sanyi, su suka fi buƙatar abin da zai taso da mutum daga gida. Sharaɗi ɗaya ne a kan kowane dalili: ya zama gaskiya. Wanda ya ce sabbin kaya suna hanya, to ranar Litinin a gan su a rataye.

Sauran jimlolin kowace da aikinta. An rubuta naira da naira, tsohon farashi da sabo, domin mutum a kan babur ko cikin adaidaita sahu ba zai tsaya lissafin kashi 35 cikin ɗari ba. An faɗi rana da sa'a, ba "na ɗan lokaci" ba. An faɗi adadi, 60, wanda ya isa ya sa mutum hanzari ba tare da an yi masa ihu ba. Maganar garanti ita ce amsar tambayar nan ta "orijina ne kuwa?" tun kafin a yi ta, kuma kada a rubuta ta sai in da ma shagon yana bayarwa. Shagon da ya rubuta "kayan ragi ba a dawo da su" a kan caja da fawa bank ya faɗa wa duniya da bakinsa cewa bai yarda da kayansa ba. Jimlar ƙarshe tana hana mutum ya biya kuɗin mota daga Kurna ko Hotoro ya tarar babu ta wayarsa, ya koma da haushi.

Hoton da zai raka rubutun ya zama na kayan da ke shagon, a kan teburi mai tsabta, an jera su. Rigunan da aka zube a kwali a ƙofar shago sun zama gwanjo, ko da jiya dubu biyu ake sayar da su.

Sai kuma yawan faɗa. Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka kwana huɗu na buƙatar a sabunta, amma sau ɗaya a rana ya wadatar, kuma ya fi kyau kowace rana ta zo da labari: ranar Asabar a ce saura 22, in 22 ɗin ne suka rage. Saƙon kai tsaye sau biyu ya isa, na buɗewa da na tunin ranar ƙarshe. Na uku ya fara zama naci, na biyar kuma a rufe lambarka. A tuna cewa jerin Broadcast yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, wato mutanenka na gaske. Su ya kamata su fara ji, kwana ɗaya kafin kowa, da kalma mai sauƙi: "Hajiya, gobe za mu sanar, na ce ki fara zaɓa." Ragin da aka fara kai wa mutum gida girmamawa ce a wurinsa. Wanda ya tsinta a jikin kwali bayan kowa ya gani, ragowa ce.

Me ya sa kwana huɗu? Kwana ɗaya ya yi kaɗan, ma'aikaci bai samu fitowa ba. Wata guda kuma ba ragi ba ne, sabon farashi ne. Tsakanin kwana uku zuwa mako guda, da Asabar da Lahadi a ciki, shi ne abin da na ga ya fi dacewa da ƙaramin shago. In kuma ana tsoron 'yan sari daga layin baya su kwashe kayan cikin awa ɗaya su sayar a tsohon farashi, a sa iyaka, biyu ga mutum ɗaya, a kuma rubuta ta a sanarwar.

Haɗarin da ya fi girma ba a ganinsa a zagaye na farko. Yana zuwa ne idan ragin ya yi daɗi, mai shago ya maimaita a wata mai zuwa, ya sake a na gaba. Kamfanin J.C. Penney na Amurka ya shekara da shekaru yana shayar da masu sayayya ragi da takardun rangwame. A 2012 sabon shugabansa, Ron Johnson, ya soke mafi yawansu ya koma farashi tsayayye. Cinikin kamfanin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, kuma a watan Afrilun 2013 aka sallame shi. Mutanen da aka koya wa jiran ragi ba sa daina jira don an daina yi. Ƙaramin shago yana iya gane ya kama wannan hanya ta kunne kawai. Ranar da abokin ciniki ya ɗauki caja, ya ji farashi, ya ajiye ya ce, "Bari sai kun yi irin na ran nan," to ragin ya fara cin farashin gaske. Sau biyu ko uku a shekara, a kan kaya daban-daban, a lokacin da ba a iya hasashe, shi ne iyakar da zan ba kowa shawara.

Littafi ma yana faɗa. A rubuta cinikin makon da ya gabaci ragin, da na kwanakin ragin, da na mako biyu bayansa, kuma riba za a duba, ba yawan kuɗin da ya shigo ba. Idan fawa bank ya tashi daga goma zuwa ashirin a makon gyara, sannan ya faɗo zuwa uku da huɗu a makonni biyun da suka biyo, ba a samu sabon mai saye ba. Goma uku talatin ke nan da aka saba, yanzu an sayar da 27, an kuma yi kyautar wayoyin caji ashirin. Mutanen da za su saya da ma ne suka matso da ranarsu. Idan kuwa ya koma goma ko sha ɗaya, kuma akwai sabbin fuskoki da suka dawo neman iyafis ko gilashin waya, ragin ya biya kuɗinsa.

Akwai mutum biyu da dole a shirya musu amsa. Na farko shi ne wanda ya sayi riga a 2,000 ranar Laraba, ya ga sanarwa ranar Alhamis. Zai dawo fuska a ɗaure. Naira 700 ba ta kai a rasa shi ba; a mayar masa, ko a liƙa masa gilashi kyauta, tun kafin ya gama ƙorafi.

Na biyu ya fi wuya, domin yakan zo da murmushi. Safiyar Litinin ce, an cire takardar daga gilashi tun daren jiya, an rataye sabbin riguna, rigunan bara tara da suka rage sun koma 2,000. Ya shigo ya ɗauki ɗaya ya miƙo 1,300.

"Ai jiya aka rufe, Alhaji," in ji yaron shago.

"Haba ɗana, tsakanin jiya da yau? Kira min maigidanka."

A nan ne ake gane ko ƙarfe 6 ɗin da aka rubuta gaskiya ce. In aka sallama masa, kafin azahar layin ya ji, kuma wa'adin da shagon zai sa nan gaba ba wanda zai taso dominsa. In aka yi masa tsawa, an rasa shi. Mai shagon ya fito, ya gaishe shi da hannu biyu, ya tambayi iyali.

"Alhaji, ka yi mana afuwa. Wasu jiya da gudu suka zo don kada lokaci ya wuce su, in na ba ka yau ban kyauta musu ba. Dubu biyu ce. Amma kawo wayar in gani, gilashin nan naka ya tsage ta gefe."

Ya ɓare tsohon, ya goge fuskar wayar da ƙyalle, ya ɗora sabo wanda ya saro a naira 300, ya bi shi da yatsa har iskar ta fita. Sannan ya ce wa yaron ya rubuta lambar Alhaji a cikin waɗanda za a fara sanar wa.